Tsamin da Baba Ke Nufi

Mahaifina mutum ne da ba ya son a taɓa masa jiki. Aski ma shi yake yi wa kansa da ɗan madubi, ya yanke nan ya yanke can, amma wanzami bai isa ya dafa masa kai ba. Ina yarinya yayansa ya kwanta doguwar jinya, ana juya shi ana wanke shi kamar jariri. Ranar da Baba ya dawo daga dubiya ya zauna a bakin ƙofa ya ce wa mahaifiyata, "Ni dai roƙona ɗaya ga Allah. Ranar da hannun wani zai wanke ni, ya zama wankan ƙarshe."

Ta ce ya daina yi wa kansa mugun fata. Bai daina ba, ya yi ta maimaitawa har kowa a dangi ya haddace.

Shekaru suka ja, mahaifiyata ta rasu, ni kuma ina aure a Kakuri. Lokacin nan ne da ake bin layi kafin a sami madara da sabulu, komai ka tambaya a kasuwa a ce babu. Maigidana, wanda nake kira Malam, yana aiki a masaƙa. Jiniyar masaƙar ce agogonmu. A wannan tsakanin hawan jini ya kayar da Baba a bakin teburinsa na shayi, sana'ar da ya tsufa a cikinta kusa da tashar jirgin ƙasa. Ya tashi ɓarin dama ya shanye, baki ya karkace. Magana ta koma kalma ɗaya ɗaya, ita ma sai ya yi gumi kafin ta fito. Ma'aikatan jinya sun goge masa jiki lokacin da bai san inda kansa yake ba, kuma ba mu taɓa gaya masa ba.

Muka kawo shi gidanmu. Ni ce 'yarsa ta fari, bai taɓa kiran sunana ba saboda kunya, sai dai "ke". To ina zancen in yi masa wanka? Malam kuma suruki ne. Tun da aka ɗaura mana aure ko abinci ba su taɓa ci a kwano ɗaya ba.

Abin da ya rufa mana asiri shawa ce. Gidan hayar da muke ciki yana da banɗaki na zamani, da famfo a ƙasa, da kan shawa mai faɗin murfin kwano a sama. Da bokiti Baba ba zai iya ba. Hannu ɗaya ba ya zuba ruwa kuma ya cuɗa, in ya sunkuya zai ɗiba kuwa sai ɓarin da ya mutu ya ja shi ƙasa. Amma da shawa, sai mu ajiye masa kujerar katako a jikin bango, ya ja ƙafa da sandarsa ya shiga, ya tura ƙofa. Ya murɗa da hagu, ruwa ya sauko masa ko'ina, ya cuɗa abinsa. Idan ya fito gemu na ɗiga, har wani ɗaga kai yake yi. Wallahi in na gan shi haka sai in ji kamar an ba ni kyautar kujerar Makka.

Sai ruwan ya fara raguwa.

Ba rana ɗaya ya yanke ba, da mun farga da wuri. Famfon gwamnati a unguwarmu sai ya ga dama yake zuwa, saboda haka mai gidan ya haƙa rijiyar burtsatse, inji na tura ruwa cikin tanki a bayan gida. Ruwan garau a ido, amma sabulu ba ya kumfa sosai a cikinsa, kuma butar da nake dafa ruwa duk cikinta ya yi farin ɓawo. Irin wannan ɓawon ne ya riƙa taruwa a ƙananan hujojin kan shawa, yau ya toshe wannan gobe ya toshe wancan. Da farko ruwan ya riƙa fita a karkace, wani ya harbi bango, wani ya harbi ƙofa. Daga baya ya koma 'yan zarurruka. A ƙarshe sai ɗigo daga gefe guda, ɗis, ɗis, ko kan yaro ba zai jiƙa ba.

Ni da Malam ba mu damu ba, sai mu tara bokiti a famfon ƙasa. Baba ne ya shiga uku. Yakan shiga ya daɗe, ya fito da sabulu ya bushe masa a wuya da bayan kunne. Ran nan muka ji faɗuwa, rim! Ashe ya gwada sunkuyawa ya ɗibi ruwa ne a famfon ƙasa. Malam ya yi kan ƙofa da gudu, Baba ya tokare ta da ƙafarsa mai lafiya yana wani irin gurnani. Haka muka tsaya a waje kamar gumaka har ya lallaɓa ya ja zane ya rufe jikinsa. Tun daga ranar bai ƙara shiga wanka ba, ga shi ana tsakiyar zafin bazara.

Malam ya ce laifin tanki ne. Na ce, "Malam, in tanki ne, me ya sa famfon ƙasa yake zuba kamar zai fasa bokiti? Bututu ɗaya ne fa." Ya harare ni, amma ya hau kujera ya duba. Ya ga hujojin sun cushe da fari, ya ce in ba shi allura. Ya buɗe kaɗan, allurar ta karye a ciki, waɗanda ya buɗe ɗin ma ba su kai ko'ina ba suka sake toshewa, don ɓarɓashin yana can ciki yana biyo ruwa. Ya aro sifana wai zai kwance kan gaba ɗaya. Ina! Ɓawon ya kama wurin murɗawa ya haɗe shi da bututu. Da ya ƙara ƙarfi sai muka ga bututun kansa yana motsi a cikin bango, siminti na zubowa. Mai gyaran famfo ya zo ya ce sai dai a yanke a fasa bango. Mai gida ya aiko cewa duk wanda ya taɓa masa bango ya nemi wani gidan. Allah ya isa tsakanina da mutumin nan, har yau ban huce ba.

Ni ma na yi tawa dabarar. Na ga abin fari, na ce datti ne, na jiƙa kanwa na haɗa da toka, na hau kujera na dirje shi har hannuna ya saɓule. Ƙarfen ya yi ƙyalli, ɓawon ko gezau.

A kwanakin nan ne Baba ya fara faɗin kalmar. Na kai masa koko da safe, ya kama bakin zanena, abin da bai taɓa yi ba. Ya yi ta kokawa da harshensa, can ya ce, "Tsa… tsami."

Na ɗanɗana kokon. Na ce, "Baba, gasarar jiya ce, bai yi tsami ba. In ƙara maka sukari?"

Ya girgiza kai. "Tsami."

Na ce to jikinsa ne ya yi tsami, ai dole, mutumin da ya faɗi a kan siminti. Na kawo man zafi da ƙwayar ciwon jiki na ajiye masa. Ya sa sandarsa ya ture su ƙarƙashin gado. Washegari ya sake, jibi ma haka. Yana faɗa yana nuna ƙofa da haɓa, wajen da banɗaki yake.

To a nan ne zuciyata ta tsinke, don akwai tsami na uku, kuma gaskiya ɗakin ya fara. Gumi ne a kan gumi, ga rigar da ba ya bari a taya shi cirewa. Na ɗauka tsohon nan yana gaya mini ne yana jin warin kansa, yana jin kunya. Na koma kicin na yi kuka mai isata. Na zubo garwashi a kasko na sa turaren wuta, na kai ɗakin ina fara'ar ƙarya, na ce, "Haba Baba, wane tsami? Ni ban ji komai ba."

Ya dubi kaskon, ya dube ni. Sai ya juya fuskarsa bango. Ranar ko ruwa bai karɓa daga hannuna ba.

Da muka kai shi asibiti ganin likita, ma'aikaciyar jinya ta ɗaga masa hannun da ya shanye, ta ga hammata ta yi ja ta fara saɓulewa, ga ƙuraje a baya. Ta ja mu gefe ta wanke mu tas. Ta ce in fatar nan ta buɗe ta zama gyambo, mu kuka da kanmu, mai irin ciwonsa gyambo ba ya warke masa da wuri. Ban ga laifinta ba.

Muna dawowa Malam ya tsaya a tsakar gida ya ce, "Ranar Juma'a da safe zan yi masa wanka. Ko yana so ko ba ya so."

Na ce, "Ka san abin da ya roƙi Allah."

"Na sani. Sai mu zuba ido ya ruɓe da ransa? Kunya ce za ta warkar da gyambo? Shi da kansa ya san yana tsami, kullum faɗa yake!"

Na ce, "Ka rage murya mana, don girman Allah!"

Amma bakin alƙalami ya bushe. Tagar Baba a buɗe take, kuma kunnensa bai shanye ba. Na so in tsani Malam a ranar, na kasa, saboda gaskiya ya faɗa. Mutumin nan shi yake goya Baba zuwa bakin titi in za a shiga mota. Ni dai abin da na sani shi ne, in aka tuɓe mahaifina aka wanke shi da ƙarfi, ko ya rayu to an gama da shi. In kuma aka bar shi, fatar za ta buɗe. Na rasa inda zan sa kaina.

Ranar Alhamis da hantsi ina kicin ina dama masa kunun gyaɗa, na yanka lemon tsami zan matsa, sai na ji ƙwas, ƙwas, sanda a kan siminti. Na waiwaya na ga Baba a bakin ƙofar kicin. Mutumin da ko a gidansa bai taɓa leƙa madafa ba! Gumi ya jiƙa shi sharkaf. Ya jingina da bango, ya saki sandar, ya miƙa hagu ya fizgi butar dafa ruwa. Faranti ya faɗo, kofuna suka tarwatse.

Na daka masa tsawa, ni da ban taɓa ɗaga masa murya ba. "Baba, me kake nema ne? So kake ka sake faɗuwa ka kashe ni?"

Bai kula ni ba. Ya kifar da murfin butar a kan tebur, cikinsa fari fat da ɓawo. Ya ɗauki ɓarin lemon da na yanka ya matse a kai. Ya tura mini murfin.

"Tsami," ya ce.

Na duba. Ruwan lemon ya kwanta a kan farin, sai ga wasu ƙananan kumfa suna tasowa. Na kai kunne na ji yana sisi a hankali. Na sa farce na kankara, wurin ya yi laushi ya biyo farcen.

Innalillahi. Sai a lokacin na tuna. Ina ƙarama, duk sanda babbar butarsa ta shayi ta yi irin wannan ɓawon, yakan sa a matso lemon tsami da yawa, ya zuba a ciki da ruwa ya ɗora a wuta ya bar ta, ya zubar, cikin ya fito wal. Ni da nake mace ma ai na san kanwa ake sa wa miyar yakuwa ta kashe tsami, ta yi kumfa. Ɓawon nan dangin kanwa ne, ni kuwa na je ina dirza shi da 'yar uwarsa. Tun kwanaki tsohon nan yake gaya mana maganin, mu muna kawo masa sukari da man zafi da turare.

Na ce, "Baba, shawa? A sa mata lemon tsami?"

Ya lumshe ido, ya sauke wata ajiyar zuciya. Hawaye ya gangaro ta idon da ba ya rufuwa sosai. Na yi kamar ban gani ba, na miƙa masa sandarsa.

Ko mayafin kirki ban tsaya nema ba na faɗa gidan maƙwabciyata. Inyamura ce, mijinta makanike, muna ce mata Madam, kuma tana da bishiyar lemon tsami a bayan ɗakinta. Na gaya mata komai a tsaitsaye. Mijin yana cin abinci, ya ce wannan ai ƙaramin aiki ne, bari ya kawo ruwan batir daga gareji.

Madam ta ce, "Kai, rufa mana asiri! Ka zuba wannan a saman kan tsoho? Ya cinye ƙarfe, ya cinye ido?" Ta juyo gare ni da Hausarta mai gardama. "Maman yara, ɗauko kwando."

Muka kakkaɓe bishiyar. Ta shiga ɗaki ta fito da kwalbar binega da ta rage mata tun salak ɗin Kirsimeti, ta ce shi ma tsami ne, aikinsu ɗaya. Muka zauna muka yi ta matsa har yatsuna suka yi zafi, muka tace da rariya don kada 'ya'yan da ɓargon su ƙara toshe hujojin. Na ɗan ɗumama ruwan lemon, muka haɗa da binegar. Matsalar ita ce kan ba ya kwantuwa, balle a tsoma shi a kwano. Madam ta ce in dutse bai zo ba sai a je wurinsa, ta kawo leda mai kauri, muka riɓanya biyu, muka juye ruwan tsamin a ciki. Na hau kujera, na cusa kan shawar a ciki har ruwan ya rufe shi ya haura wurin murɗawa, ta miƙo mini tsinken robar tayar keke na ɗaure tam a jikin bututu. Muna tsaye muka ga kumfa ta fara tashi daga hujojin.

Da Malam ya dawo daga aiki ya ga leda na reto a banɗaki, ya ce, "Wannan kuma wane tsafi ne?"

Na ce, "Tsamin da Baba ke faɗa ke nan."

Na ga kunya ta kama shi har wuya. Amma ya ce, "Allah ya sa a dace. In bai yi ba, maganata tana nan." Muka bar ledar ta kwana.

Da gari ya waye na tarar Malam ya riga ya tara bokiti, ya ajiye soso da sabulu a gefe, ya naɗe hannun riga. Baba yana zaune a bakin gadonsa, ƙofa a buɗe, yana kallon bokitin nan. Ban taɓa ganin tsoro a fuskar mahaifina ba sai ranar.

Na hau kujera na kwance ledar. Ruwan ya yi dususu, ɓarɓashi ya kwanta a ƙasa. Na sa tsohon buroshin haƙori na goge fuskar kan, farin ya riƙa fita kamar alli. Na bi hujojin da tsinken tsintsiya, har guntun allurar Malam ya fito. Na murɗa famfo. Ya yi tari, ya tofo, sai rabi ya kawo rabi ya ƙi.

Malam ya ce, "Sauko." Na ɗauka wankan zai fara, har na buɗe baki zan yi masa rashin kunya. Ashe sifana ya ɗauko. Ya naɗe wuyan kan da tsumma, ya riƙe bututun gam da ɗaya hannun, ya murɗa a hankali. Sai ji muka yi ƙis, abin ya juya. Tsamin ya ci ɓawon da ya riƙe shi. Ya ciro kan, ya zare 'yar robar da ke ciki ya ajiye, ya buga a tafin hannunsa, ɓarɓashi ya zubo kamar tsakin masara. Muka tsoma shi cikin sauran ruwan lemon ya ɗan jima, muka ɗauraye ta baya a famfon ƙasa, muka saki ruwa ta bututun ya kore abin da ya rage. Ya mayar da robar, ya ɗaura.

Da ya murɗa, ruwa ya sauko shaa, kowane huji na aiki, ya jiƙa shi daga hula har takalmi. Ya tsaya a ciki bai matsa ba. Sannan ya fito yana ɗiga, ya ɗauki bokitinsa ya juye a gindin 'yar masarar da muke ba ruwa a tsakar gida, ya gyara kujerar katako a jikin bango. Ya je ƙofar Baba ya rusuna.

"Baba, ruwa ya samu. Ku gafarce ni."

Baba bai dube shi ba. Ya dogara sandarsa ya wuce mu, ya shiga, ya tura ƙofa. Na zauna a dandamali ina jin saukar ruwan nan, ina jin ƙamshin lemo yana fitowa ta ƙarƙashin ƙofa, ina kuka kamar wadda aka yi wa mutuwa. Madam ta leƙo ta katanga ta ce, "Ya yi?" Na gyaɗa mata kai.

Fatar ta warke da hoda da man da aka ba mu, shi yake shafa wa kansa. Tun daga nan ba na jira ruwa ya ragu. Da na ga ya fara karkacewa sai in kwance kan in jiƙa, Madam kuwa ba ta ƙara barin lemonta ya faɗi ƙasa ba, kullum akwai a farantina. Amma Baba bai ƙara haɗa ido da Malam ba. In ya gaishe shi sai ya ɗaga hannu yana kallon gefe. Maganar nan ta tsakar gida ta zauna masa, Malam ya sani, kuma yana cin sa.

Daminarsa ta biyu a gidanmu, ciwon ya dawo. Da safe ya yi wankansa, ya sha kunu, kafin azahar ya cika.

Liman ya zo ya ce a cikin dangi wa zai taya shi wanka. Babu namiji kusa sai Malam. Ni na tara ruwan, a bokitin nan dai, na kai bakin ƙofa na ajiye. Malam ya naɗe hannun riga ya ɗauka. Sai ya tsaya, ya kasa shiga. Liman yana ciki yana jira, mutane sun cika waje, shi kuwa yana tsaye da bokiti a hannu. Can ya rusuna kamar yadda ya saba, ya yi sallama ga wanda ba zai amsa ba.

Ya ce, "Baba, ni ne. Ba a yi muku wanka ba sai yau."

Ya shiga, ya tura ƙofar.